“To” Ba Alkawari Ba Ce: Harshen Gajeriyar Hira da Manoman Bomo Kafin Ƙirƙirar Manhaja

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan dabarar gajeriyar hira da ake yi da mutanen da ake sa ran za su yi amfani da wata manhajar waya, tun kafin a ɓata lokaci da dukiya wajen ƙirƙirar ta. An ɗauki Bomo, a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, a matsayin fagen bayani, saboda kusancinta da Jami’ar Ahmadu Bello da cibiyoyin binciken noma na Samaru. Maƙalar ta nuna cewa nasarar irin wannan hira a cikin Hausa ta rataya ne a kan abubuwa biyu da suka shafi manazarta harshe da al’ada kai tsaye, wato lokacin nahawu da aka gina tambaya a kansa, da kuma yadda ake fassara amsar ladabi. An bi wani misali na kwatanci daki-daki domin a ga yadda ake yanke hukunci daga abin da hirar ta haifar.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke zaune a Samaru ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya isa gona. Bomo na nan kusa da jami’a, kuma yawancin mutanenta manoma ne na damina da na rani. Duk da haka, abu ne mai sauƙi a ga ɗalibi ya kwashe watanni yana rubuta manhaja “domin manoma” ba tare da ya taɓa zama da manomi ɗaya na kwata ɗin awa ba. In ma ya je, yakan je ne da manhajar a hannu, ya nuna, ya tambaya ko ta yi kyau, a ce masa madalla, ya dawo ya rubuta cewa manoma sun yi na’am. Bayan wata uku sai a tarar babu mai buɗe ta.

Wannan matsala ba ta Zariya kaɗai ba ce. Steve Blank a littafinsa The Four Steps to the Epiphany (2005) da Eric Ries a The Lean Startup (2011) sun gina koyarwarsu ne a kan cewa mai ƙirƙira ya fita ya binciki masu saye kafin ya gina abin sayarwa. Rob Fitzpatrick (2013) kuwa, a The Mom Test, ya taƙaita abin ga hira ita kanta. Hujjarsa ita ce, duk wanda ya tambayi mahaifiyarsa ko dabararsa ta kasuwanci tana da kyau, za ta ce masa tana da kyau, domin tana ƙaunarsa. Don haka aikin mai tambaya shi ne ya tsara tambayoyin da ko mahaifiyarsa ba za ta iya faranta masa rai da amsarsu ba. Waɗannan littattafai an rubuta su ne da Ingilishi, ga masu hira da Ingilishi. Abin da ba su taɓo ba shi ne yadda dabarar take idan an zauna a kan tabarma a ƙofar gidan wani dattijo, ana magana da Hausa, inda ƙa’idojin kunya da girmama baƙo suke da nasu hukunci a kan kowace amsa.

2.0 Darasin da Samaru Ta Riga Ta Koya

Kafin a zo batun manhaja, yana da kyau a tuna cewa Samaru ta taɓa fuskantar wannan tambaya a wata siga. Tashar binciken noma ta Samaru ta faro a 1922, daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin jami’ar da aka kafa a 1962. Shekaru da dama shawarar masana ta karkata ga shuka iri ɗaya a gona ɗaya, alhali manoma sun ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a kunya guda. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin riƙo da tsohuwar al’ada.

A kakar noma ta 1966 zuwa 1967, David Norman da abokan aikinsa sun bi manoman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna rubuta abin da kowane gida ya aikata a gona, da yawan aikin da ya ci, da abin da aka girba. Sakamakon, wanda Norman ya bayyana a wata maƙala ta 1974, ya nuna cewa haɗa shuka hikima ce: tana rage hatsarin asara idan shuka ɗaya ta gaza, kuma tana ba da riba mafi kyau a kan aikin da ake yi a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tasowa ma’aikata kuma suka yi ƙaranci. Abin lura a nan shi ne hanyar da aka bi. Da an tara manoman an tambaye su ko za su bi shawarar malaman gona, da wuya a sami wanda zai musa a bainar jama’a. Abin da ya fito da gaskiya shi ne kirga abin da suka riga suka yi. Gajeriyar hirar da ake magana a kanta ba ta kai wancan bincike zurfi ba ko kusa, amma tushensu ɗaya ne.

3.0 Lokacin Nahawu da Ingancin Amsa

Hausa tana bayyana lokaci ne a jikin wakilin sunan da ke zuwa kafin aikatau, kamar yadda Galadanci (1976) da Newman (2000) suka yi bayani. Wannan ya sa ana iya gane ingancin tambayar hira tun daga siffarta, kafin a ji amsa. A duba waɗannan tambayoyi uku da za a iya yi wa mai noman tumatir:

(a) Za ka yi amfani da manhajar da ke faɗa maka farashin kwando?
(b) Yaya kakan san farashi kafin ka tsinka?
(c) Ranar da ka yi tsinka ta ƙarshe, wa ya faɗa maka farashi?

Tambaya ta (a) tana cikin lokaci mai zuwa. Tana neman mutum ya yi hasashen halin da zai nuna game da abin da bai taɓa gani ba. Amsa mata da “e” ba ta cin masa ko sisin kwabo, kuma ba ta sa shi cikin ƙarya, domin gobe ta Allah ce. Tambaya ta (b) tana cikin lokaci na sabo, kuma da yawa daga masu hira suna ɗaukar ta a matsayin gyaran ta farko. Ta fi ta, amma tana da nata rami. Lokaci na sabo yana gayyatar mutum ya siffanta kansa kamar yadda yake so a gan shi, ko kuma ya faɗi abin da “ake yi” a gari. Manomi zai ce, “Mukan bincika kasuwa tukuna,” kuma a wannan jimla akwai sauyi biyu: “ni” ta koma “mu”, rana takamaimiya kuma ta narke cikin al’ada. Wani lokaci ma amsar takan zo da wakilin suna na boye, “akan tambaya”, wanda ba ya ɗora aikin a kan kowa.

Tambaya ta (c) ce kaɗai ke cikin shuɗaɗɗen lokaci, an kuma ɗaure ta da rana guda. Amsarta labari ne mai mutane da wuri da adadi: wane ne ya kira, da wace waya, nawa aka ce, nawa aka saya. Irin wannan amsa tana da wuyar ƙawatawa, domin mutum yana tuno abin da ya faru ne, kuma kowace gaɓa tana buɗe ƙofar tambaya ta gaba.

Akwai wani abu a nahawun Hausa da ya kamata mai rubuta hira ya kiyaye sosai. Bayan lokaci mai zuwa na farko, mai amfani da “za”, akwai na biyu, wanda ke fita da faɗuwar sauti a kan wakilin suna, kamar a “nâ gwada” ko “mâ gani”. Wannan siga tana ɗauke da rashin tabbas; mai magana yana nuna yiwuwa ne ba tare da ya ɗaure kansa ba. A rubutun yau da kullum ba a sa alamar karin sauti, saboda haka “nâ gwada” ta mai zuwa da “na gwada” ta shuɗaɗɗen lokaci suna fitowa iri ɗaya a takarda. Mataimakin bincike da ya rubuta “na gwada” cikin gaggawa, wani kuma ya zo ya fassara daga baya, zai iya mayar da kaucewa cikin ladabi ta zama shaidar cewa mutum ya riga ya jarraba abu. Wannan kaɗai ya isa dalilin naɗar murya idan mai magana ya yarda, ko kuma a sa alamar sauti a irin waɗannan gurabe.

4.0 Amsar Ladabi

Kirk-Greene (1974), a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa kunya da ladabi da karamci da mutunci cikin halayen da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana. A zaman hira waɗannan halaye suna haɗuwa a wuri ɗaya. Yaro ya taso daga jami’a, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaisa, ya nuna abin da ya sha wahala a kansa. Dattijon da zai dube shi ya ce, “Wannan ba shi da amfani a wurina,” ya ci mutuncin baƙo. Don haka sai ya zaɓi kalmar da ba ƙarya ba ce, ba kuma alkawari ba.

“To” ita ce babbarsu. Tana iya nufin amincewa, amma sau da yawa ma’anarta ba ta wuce “na ji” ba, kuma tsawonta da sautinta su ne ke bambance ma’anonin. “Madalla” da “Allah ya taimaka” da “abu ya yi kyau” yabo ne da addu’a ga mai ƙoƙari, ba su ce komai game da niyyar mai magana ba. “Ba laifi” ta fi kusa da sanyin gwiwa. “Sai na yi shawara” da “bari mu gani” da “Allah ya kai mu” kuwa, idan suka zo a ƙarshen zance ba tare da an sa rana ba, galibi rufe ƙofa ne a hankali. “In sha Allahu” tana buƙatar kulawa ta musamman, domin musulmi yana faɗin ta ko da ya ƙudurta aikatawa da gaske. Kuskure ne a ɗauke ta kullum a matsayin kaucewa, kamar yadda wasu baƙi ke yi. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo ta. “In sha Allahu, ranar Laraba bayan la’asar ina lambu, ka same ni can” magana ce mai nauyi. Idan ta zo ita kaɗai, ba a ƙaru da komai ba.

Bai kamata a ɗauka wannan hali na Hausawa ne kaɗai ba. Nicola Dell da abokan aikinta (2012) sun yi gwaji a Bangalore ta ƙasar Indiya, inda aka nuna wa mutane abubuwan fasaha biyu aka ce su zaɓa. Sun gano cewa mutane sun fi karkata, da kusan ninki biyu da rabi, ga wanda suka zaci mai tambayar ne ya ƙirƙira, kuma karkatar ta kai kusan ninki biyar idan mai tambayar baƙo ne daga ƙasar waje da ke magana ta bakin tafinta. Gwargwadon tazarar matsayi tsakanin mai tambaya da mai amsa, gwargwadon ƙaruwar yabo.

A Bomo akwai ƙarin wani dalili. Mutanen da ke maƙwabtaka da jami’a da cibiyoyin bincike sun saba ganin masu takardar tambayoyi, kuma a ƙasar da aka yi shirye-shirye irin na rabon taki ta saƙon waya da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012, rubuta suna da lambar waya yana da ma’ana: wataƙila wani tallafi na tafe. Manomin da ya zaci haka zai amsa “e” ga kowace tambaya, zai kuma ƙara wa matsalolinsa gishiri, kuma ba a ga laifinsa ba. Maganin wannan shi ne a faɗa tun farko, a fili, cewa babu taki, babu rance, babu rajista, ɗalibai ne masu neman sanin yadda ake sayar da kayan lambu.

5.0 Misali na Kwatanci

Abin da ke tafe misali ne da aka tsara domin bayani. Adadin da ke cikinsa na kwatanci ne. A ɗauka ɗalibai uku suna da niyyar ƙirƙirar manhajar da za ta riƙa nuna wa masu noman rani na Bomo farashin kwandon tumatir da solon tattasai a kasuwannin Samaru da Sabon Gari kowace safiya. Sun ƙiyasta aikin zai ci musu zangon karatu guda.

Matakin farko ba a gona ake yin sa ba. Ɗaliban za su zauna su rubuta zace-zacen da dabararsu ta tsayu a kansu, waɗanda idan ɗaya ya rushe duka ta rushe. A nan guda huɗu ne: manomi bai san farashi ba lokacin da yake sayarwa, da ya sani da ya sauya wurin sayarwa ko ranar sayarwa, yana da babbar waya da data, kuma zai karanta rubutun boko a kan allon waya. Za su kuma rubuta, tun kafin su fita, abin da zai sa su janye, misali idan fiye da rabin waɗanda aka zanta da su sun riga sun san farashi ta wata hanya. Rubuta wannan sharaɗi da wuri yana da muhimmanci, domin wanda ya ƙaunaci dabararsa zai sami hanyar fassara kowace amsa ta zama goyon baya.

Daga nan sai shiga gari ta hannun mai unguwa, kamar yadda al’ada ta tanada. Sai dai akwai tarko a nan. Mai unguwa zai kai baƙo wurin manyan manoma masu baki, ko ya tara mutane a dandali. A taro, babba ne zai yi magana saura su gyaɗa kai. Abin da ya fi shi ne a nemi izini daga shugabanni, sannan a bi mutane ɗaya-ɗaya a lambunansu, a haɗa da mai babban fili da mai ƙarami da wanda ya karɓi aro ko haya. A guji safiyar tsinka da lokutan salla. Kwata ɗin awa ya isa, amma ba a ƙirga gaisuwa a ciki. Wanda ya taƙaita gaisuwa don ya cim ma lokaci ya riga ya ɓata hirar. Mutum biyu sun isa, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu, kuma kada a ambaci manhaja sai a ƙarshe.

Ga yadda wani yanki na irin wannan hira zai iya kasancewa:

“Baba, yaushe ne rabonku da tsinka?”

“Shekaranjiya, ɗana. Kwando goma sha ɗaya.”

“Allah ya sa albarka. Ina aka kai su?”

“Ba a kai ko’ina ba. Nan bakin lambu aka ɗauka.”

“Kafin mai saye ya zo, kun san yadda kasuwa take?”

“Sosai. Tun da dare na kira ƙanena, yana Sabon Gari. Ya ce kaya sun yi kuɗi.”

“To Baba, da kuka ji sun yi kuɗi a can, me ya hana a kai can?”

“Kai yaro. Mutumin nan shi ya ba ni kuɗin mai da taki tun farkon rani. In ɗauke kaya in kai wa wani? Kuma ko na so, kwando goma sha ɗaya wace mota za ta tsaya mini? In na ce sai gobe, tumatir ba ya jiran kowa.”

A cikin wannan ɗan zance zato biyu na farko sun girgiza. Manomin ya san farashi, kuma kira ɗaya ya ishe shi. Sanin kuma bai sauya komai ba, saboda bashi da amana sun ɗaure shi da mai saye, kayan kuma ba sa ajiyuwa. Ya kuma ambaci wata matsala da ba a tambaye shi ba, wato mota. Abin da mutum ya kawo da kansa, musamman idan muryarsa ta ɗaga yana faɗa, ya fi abin da aka sa masa a baki nauyi nesa ba kusa ba. A lura kuma da cewa ɗalibin ya yi amfani da “ku” na girmamawa, bai kuma yi gardama ba. Da ya ce, “Ai da manhajarmu za ku sami mai saye da ya fi shi,” da hirar ta koma talla, dattijon kuma ya koma “to, madalla”.

Zato na uku da na huɗu ba a tambayar su da baki. Maimakon “Kuna da babbar waya?” sai a ce, “Baba, ko za ku nuna mini yadda kuka kira shi?” Nan za a ga irin wayar, ko tasa ce ko ta ɗansa, ko akwai caji, ko yana neman suna ta karatu ne ko ta haddace ƙarshen lamba, ko kuma saƙon murya yake aikawa ta WhatsApp. Wanda ya yi karatun allo mai zurfi yana iya karanta ajami da kyau boko kuma ya ba shi wahala, kuma tambayar “Kun iya karatu?” tambaya ce mai kunyatarwa da ba ta bambance waɗannan biyun.

A ɗauka bayan kwana huɗu ɗaliban sun zanta da mutum 12. Duka 12 sun yaba da dabarar lokacin da aka bayyana ta a ƙarshe. Wannan adadi ba a yin komai da shi. Goma sun san farashi kafin sayarwarsu ta ƙarshe, ta hanyar kira ko ta bakin wanda ya dawo daga kasuwa. Takwas sun sayar a bakin lambu, biyar daga cikinsu ga wanda ke bin su bashi. Huɗu suna da babbar waya, biyu kaɗai ke da data a ranar. Bakwai sun ambaci wahalar mota ko ƙarancin kwanduna ba tare da an tambaye su ba, uku kuma daga cikin bakwai ɗin sun ba da labarin yadda suka taɓa haɗa kaya da maƙwabta suka ɗauki mota ɗaya, har da abin da kowa ya biya.

Hukunci a bayyane yake: sharaɗin janyewa ya cika, domin 10 cikin 12 sun wuce rabi. Manhajar farashi za ta yi gasa ne da kiran waya na minti ɗaya zuwa ga ɗan’uwa amintacce, kuma ba za ta ci ba. Wannan ya dace da abin da aka gani a wasu wurare. Jenny Aker (2010) ta nuna cewa shigowar wayar salula kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma kira ne kawai ya yi wannan aiki, a hannun fatake. Fafchamps da Minten (2012) kuwa sun auna wani shirin aika wa manoman Indiya farashi ta saƙon waya, ba su ga ya sauya farashin da manoman suka samu ba ta yadda za a iya dogara da shi.

Abu mafi daraja da hirar ta fitar shi ne labarin mutum ukun nan. Wanda ya riga ya kashe kuɗi ko ya sha wahala wajen warware matsala da kansa, shi ne ke da matsalar da gaske. Amma wannan ma ba izinin fara rubuta manhajar haɗa mota ba ne. Mataki na gaba shi ne a nemi abin da yake cin wa mutum wani abu: lokacinsa, ko kuɗinsa, ko sunansa. Ɗaya daga ɗaliban zai iya cewa, “Ranar tsinka mai zuwa, in kuna da kaya, ku kira wannan lamba da dare, zan nemi wasu masu kaya da direba.” Zai yi aikin da hannu, da littafi da ƙaramar waya, na mako biyu ko uku. Karɓar lamba ba shaida ba ce, domin karɓa ma ladabi ne. Kira shi ne shaida, kira na biyu ya fi na farko, wanda kuma ya turo maƙwabcinsa ya sa mutuncinsa a ciki.

6.0 Iyakokin Dabarar

Tambayar da aka fi yi ita ce ko mutum 12 sun isa. Guest da Bunce da Johnson (2006), waɗanda suka nazarci hira 60 da aka yi da mata a Ghana da Nijeriya, sun tarar cewa kusan duk manyan jigogi sun bayyana a cikin 12 na farko. Amma sharaɗinsu shi ne mutanen su kasance rukuni ɗaya, tambayar kuma ta kasance ƙuntatacciya. Goma sha biyu sun isa a gano cewa wani zato ya rushe, ko a ji matsalar da ke ta maimaituwa. Ba su isa a ce “kashi kaza na manoman Bomo” ba, kuma mayar da 10 cikin 12 zuwa kaso cikin ɗari a rahoto yaudara ce da ke sa ƙaramin abu ya yi kama da ƙidaya. Idan kuma aka haɗa manoma huɗu da dillalai huɗu da direbobi huɗu, ba a yi hira 12 ba, an yi ƙananan bincike uku ne da ba ɗayansu da ya ƙoshi.

Lokacin shekara ma yana rinjayar amsa. Wanda aka tambaya a tsakiyar kakar tumatir, kaya sun cika kasuwa, kukansa daban ne da na wanda aka tambaya da bazara, ruwa ya ja baya. Tuna abin da ya wuce kuma yana da iyaka: tsinkar shekaranjiya tana nan daram a ƙwaƙwalwa, ta bara kuwa ta riga ta zama labari da aka sha faɗa aka goge masa kaifi.

Akwai kuma waɗanda hirar ɗalibai maza a bakin lambu ba za ta taɓa kaiwa gare su ba. Matan aure da ke sana’a a cikin gida, masu saye da sayarwa ta hannun yara, masu adashi, masu shanya kauɗar tumatir, suna cikin wannan kasuwanci, wasunsu ma suna ba da rance. Idan manhajar ta shafe su, dole mace ce za ta shiga, da izinin maigida, kuma kada ya zauna a wurin, in ba haka ba shi zai amsa. Wayar da ke hannun mace ma tana iya zama ta miji ko ta ɗa, wanda ke fita da ita da safe, saboda haka tambayar da ta dace a can ita ce, “Jiya da rana, wayar tana hannun wa?”